Iskar teku da iskar tudu: inda ɗalibai ke zamewa, da yadda ake gyarawa

Duk shekara idan na zauna makin takardun yaran da nake yi wa darasin yamma a Nima, tambayar iskar teku ce ke ba ni mamaki. Yaro a Accra aka haife shi, kullum bayan azahar iskar nan tana kaɗa labulen ɗakinsu, amma a ce ya zana ta a takarda sai ya juya kibiyar baya. Na lura kurakuran ba su da yawa, kuma kusan dukkansu daga tushe ɗaya suke: yara suna ɗauka teku ne ke canzawa tsakanin dare da rana. Alhali teku yana nan kusan yadda yake. Tudu ne ke hawa da sauka.

Bari in fara kawar da ƙaramin kuskuren, wato na suna. Iska tana ɗaukar sunan wurin da ta fito, ba wurin da za ta ba. Mutumin da ya taso daga Kumasi ya sauka a Accra, ɗan Kumasi za a ce masa. To haka iskar teku: daga teku take tasowa ta shigo gari, kuma da rana take yi. Iskar tudu daga ƙasa take fita zuwa teku, cikin dare zuwa asuba. A Accra teku yana kudu da mu, saboda haka kibiyar rana daga kudu za ta nufi arewa. Wanda ya riƙe wannan ya tsira da maki ɗaya ko biyu tun kafin ya fara bayani.

Babban kuskuren yana cikin dalili. Abin da na fi gani a takarda shi ne: "Rana ta fi dukan ƙasa, shi ya sa ta fi teku zafi." Ba haka ba ne. Ka tsaya a bakin ruwa a Labadi da tsakar rana, ƙafa ɗaya a kan busasshen rairayi, ɗaya a cikin ruwa. Rana ɗaya ce a kansu, taku biyu ne tsakaninsu, amma rairayin yana neman ƙona maka tafin ƙafa, ruwan kuwa ko ɗumi bai yi ba sosai. Abin da ya bambanta shi ne yadda kowannensu ke yi da zafin da ya samu.

Ga lissafin da nake yi musu a allo. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙara zafi da digiri ɗaya, sai ya sha kusan jul 4,200 na zafi. Kilo ɗaya na busasshen rairayi kuwa kusan jul 800 ya ishe shi. Ƙa'idar ita ce Q = mcΔT, wato zafin da aka bayar daidai yake da nauyin abin, sau wannan adadin nasa, sau yawan digirin da ya ƙaru. To, mu ba kowannensu jul 8,400. Ruwa: 8,400 raba 4,200, ya ƙaru da digiri 2. Rairayi: 8,400 raba 800, ya ƙaru da digiri 10 da rabi. Wuta ɗaya, sakamako ya ninka fiye da sau biyar. Duk wadda ta taɓa ɗora tukunya ta san wannan ba tare da lissafi ba: tukunyar da babu komai a ciki nan da nan take yin zafi, wadda aka cika da ruwa kuwa sai an yi ta jira.

Wannan ma rabin labarin ne, kuma yawancin yara a nan suke tsayawa. Hasken rana yana ratsa ruwa ya gangara mitoci da dama, ƙasa kuwa fatarta kawai yake samu. Tona rairayin nan mai ƙuna da hannunka tsawon taƙi ɗaya, za ka tarar da sanyi a ƙasa. Sannan ruwa ba ya zama wuri ɗaya: igiyar ruwa tana ta gauraya na sama da na ƙasa, zafin ya watsu cikin ruwa mai yawa. Ga kuma tururi, domin wani kaso na zafin yana tafiya ne wajen mayar da ruwa tururi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwanta ta hanyar tsattsafowa. Idan aka haɗa waɗannan, zafin saman teku da ƙyar yake motsawa da digiri ɗaya tsakanin dare da rana.

Daga nan ne kuskuren da ya fi ba ni dariya yake fitowa. Wata yarinya ta ce da ni, "Malam, ai da dare teku ne ke yin zafi." Na tambaye ta wa ya hura masa wuta bayan rana ta faɗi. Ta yi shiru, sannan ta ce ai a littafi an rubuta teku ya fi ƙasa ɗumi da dare. An rubuta, kuma gaskiya ne, amma fin ɗumi daban, ƙara zafi daban. Mu ɗauki wata rana a watan Maris. Saman teku a gaban Accra yana wajen digiri 28, safe da dare. Iskar cikin gari da azahar tana kaiwa 32 ko 33, saman kwalta da kwanon rufi kuwa sun wuce haka nesa. Kafin asuba gari ya sauko wajen 25. Teku bai hau ba. Tudu ne ya tsallake shi da rana, ya faɗo ƙasa da shi da dare, domin abin da ya yi saurin ɗaukar zafi yana saurin sakinsa. Gyaran jimlar ke nan: kada ka rubuta teku ya yi zafi da dare, rubuta ƙasa ta huce ta bar teku a inda yake.

Sai zanen. Mafi yawan yara kibiya ɗaya suke ja, daga teku zuwa ƙasa, su rubuta "iska mai sanyi" su ajiye biro. Kibiya huɗu ake bukata, domin zagaye ne. Ƙasa mai zafi tana ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta buɗe, ta yi sauƙi, ta tashi sama: kibiya ta farko. A can sama, wajen kilomita ɗaya ko fiye, tana malalawa ta nufi teku: ta biyu, kuma ita ce wadda ake mantawa. Tafiyar tata ce ke rage nauyin iskar da ke danne ƙasa, shi ne ake cewa matsin iska ya yi ƙasa a tudu. A kan teku iskar tana saukowa: ta uku. Sannan a ƙasa ta taso daga inda matsin ya fi yawa zuwa inda ya ragu, ta shigo gari: ta huɗu, wadda muke ji a jikinmu. Bambancin matsin ɗan kaɗan ne, milibar ɗaya ko biyu, amma ya isa ya kaɗa tutocin filin Black Star. Da dare a juya duka huɗun. Kuma kada a rubuta wai iska ta tashi ta bar "fanko". Babu wurin da ya zama babu iska, nauyinta ne kawai ya ragu.

Akwai shaidar kibiyar farko da ido ke gani. Da la'asar, a ranar da gari ya yi tas da safe, tsaya kusa da hasumiyar Jamestown ka dubi arewa, wajen tsaunukan Aburi: sau da yawa za ka ga gajimare ya taru kamar tulin auduga. Juya ka dubi teku, sama fes. Inda iska mai laima ke tashi, nan gajimare ke haɗuwa. Inda take saukowa, ba ya samun wurin zama.

Kuskure na gaba littafin ne ke jawo shi, ba yaran ba. Ana zana hoto biyu gefe da gefe, rana a ɗaya, wata a ɗaya, kibiyoyin tsawonsu ɗaya, sai yaro ya ɗauka da fitowar rana iska ke juyawa kamar an danna makunni. A zahiri ƙasa sai ta ɗau lokaci kafin ta kamo teku ta wuce shi. Da hantsi, lokacin da suka yi kusan daidai, iska kan kwanta, shi ya sa wajen ƙarfe tara ko goma gari ke yin cik. Iskar teku tana tasowa kafin azahar, ta fi ƙarfi tsakanin azahar da la'asar, ta lafa bayan magariba. Iskar tudu ba ta bin bayanta nan take, sai dare ya raba, kuma ta fi bayyana gab da asuba. Ƙarfinsu ma ba ɗaya ba ne. Koma kan alƙaluman Maris: da rana ratar tana da faɗi, musamman idan aka duba zafin saman ƙasa kansa, da dare kuwa digiri uku ne kawai. Ƙaramar rata, raunanniyar iska.

A Accra kuma akwai abin da ke ƙara danne ta. Yawancin shekara babbar iskar yankinmu daga kudu maso yamma take zuwa, wato daga teku. Da rana ita da iskar teku hanyarsu ɗaya, sai su haɗu su yi ƙarfi. Da dare iskar tudu sai ta yi kokawa da ita, kuma sau da yawa abin da za ka gani shi ne iskar ta yi rauni kawai, ba ta juya ba. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi daga ƙarƙashin teku yana tasowa sama a gaɓarmu, teku ya huce har ya zo kusa da sanyin dare na cikin gari, sai ratar dare ta kusan ɓacewa. Lokacin da iskar tudu ta fi samun sarari shi ne hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, domin busasshiyar iska da sararin sama marar gajimare suna barin ƙasa ta huce sosai, kuma iskar hunturu ita ma daga arewa take. Wani yaro ya taɓa zuwa ya ce, "Malam, na fita da asuba ban ji komai ba, littafin nan ƙarya yake yi." Watan Agusta ne. Na ce masa ya sake gwadawa a Janairu, kuma kada ya dogara da fatarsa: ya sami wurin da hayaƙi ke tashi, kamar inda mata ke ƙyafe kifi a Chorkor, ya dubi inda hayaƙin ya karkata bayan sallar asuba, ya dawo bayan azahar ya sake duba.

Biyu sun rage, ba sa bukatar dogon bayani. Kada a haɗa iskar nan da cikowa da janyewar teku. Wannan aikin jan wata ne da rana, yana faruwa sau biyu a yini, kuma lokacinsa yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana, ita kuwa iskar agogon rana take bi. Sannan iskar teku ba ta da dogon zango, 'yan gomman kilomita take shiga cikin ƙasa kafin ta gaji. Ɗalibin da ke Kumasi ya rubuta cewa sanyin la'asar ɗin Aboabo iskar teku ce irin wannan, ya faɗi, domin nisan ya yi mata yawa. Idan yana son ganin abin da idonsa ba sai ya zo Accra ba, roba biyu sun ishe shi: ya zuba busasshen yashi a ɗaya, ruwa a ɗaya, zurfinsu ɗaya, ya ajiye su a rana da ƙarfe takwas na safe, ya riƙa auna saman kowanne da ma'aunin zafi duk bayan awa biyu har ƙarfe goma na dare. Ya binne kan ma'aunin kaɗan a cikin yashin, kada rana ta doke shi kai tsaye, in ba haka ba zafin gilashin zai auna, ba na yashi ba.