Darasi na Bakwai: Bin Sawun Rasit Daga Rumfa Zuwa Banki

A Jihar Kano akwai ƙananan hukumomi 44. Guda 8 daga cikinsu su ne suka rungume birni: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da banɗakunan jama'a, da lasisin kekuna da amalanke. Daga waɗannan wurare take karɓar wani ɓangare na kuɗin shigarta. Kuɗi ne ƙanana, ɗari biyu nan, dubu biyu can, kuma sukan bi ta hannun mutane da dama kafin su kai asusu. A wannan hanyar ne suke zubewa.

Mai bin diddigin waɗannan kuɗi shi ake kira odita. Akwai na cikin gida, wanda yake zaune a sakatariya, akwai kuma masu zuwa daga ofishin Babban Odita na Ƙananan Hukumomi na jiha. A wannan darasi za mu ɗauki littafin rasit guda ɗaya mu bi shi har banki, yadda odita yake yi. Kasuwar da kuɗaɗen da za mu ambata misali ne na koyo. Ku ajiye fensir da takarda a gefe, za mu yi lissafi tare.

Ba a fara da kuɗi

Wanda bai san aikin ba zai ce a kawo kuɗi a ƙirga. Odita kuwa yakan fara da rajistar littattafan rasit da ke ofishin ma'aji. Duk littafin da aka bugo ana shigar da lambobinsa a nan, kuma duk wanda aka ba wa sai ya sa hannu, da kwanan wata. Dalili shi ne, idan odita ya tsaya kan littafin da mai karɓa ya miƙo masa kaɗai, ba zai taɓa sanin akwai wani littafin da aka bari a gida ba. Rajista ce take faɗin abin da ya kamata a kawo.

A misalinmu, rajista ta nuna ranar Litinin 3 ga wata an ba wa wani mai karɓar kuɗin rumfa littafi ɗaya mai rasit 50, daga lamba 3201 zuwa 3250. Kuɗin rumfa ɗaya a wata naira 2,000 ne. Kowane rasit yana da asali, wanda ake yaga wa ɗan kasuwa, da kwafin kabon da ke zama a jikin littafi.

Odita ya buɗe littafin yana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Ya tarar an ba da rasit 45, guda 3 ba a taɓa su ba, guda 2 kuma an rubuta musu "an soke". Ku haɗa: 45 da 3 da 2 sun cika 50. To amma sokewa tana da ƙa'ida. Rasit ɗin da aka soke saboda kuskuren rubutu, dole asalinsa ya kasance a maƙale da kwafinsa a cikin littafi. Ɗaya daga cikin biyun haka yake. Na biyun, lamba 3217, kwafi ne kawai, asalin babu. Ina ya tafi? Mai yiwuwa yana aljihun wani ɗan kasuwa da ya biya kuɗinsa, sannan aka soke kwafin daga baya. Odita ba ya yanke hukunci a nan. Ya rubuta lambar a gefe, ya ci gaba.

Daga kabon zuwa littafin kuɗi

Kowane mai karɓa yana riƙe da littafin kuɗi, inda yake shigar da kwanan wata da lambar rasit da sunan wanda ya biya da adadin. Odita ya tara kwafin nan 45, kowanne na naira 2,000, ya sami naira 90,000. Littafin kuɗi shi ma ya nuna 90,000. Sun yi daidai.

Kada wannan daidaito ya ruɗe ku. Hannu ɗaya ne ya rubuta kabon, shi ne kuma ya rubuta littafin kuɗi, don haka ba abin mamaki ba ne su yi baki ɗaya. Shaidar da take da nauyi ita ce wadda ta fito daga hannun wani dabam. Irin wannan shaida biyu ce: rasit na asali da ke wurin ɗan kasuwa, da takardar bayanin asusu da banki yake bugawa.

Shi ya sa odita nagari yake barin teburinsa ya shiga kasuwa. Ba zai iya zagaya kowace rumfa ba, sai ya zaɓi kamar goma, waɗanda shi ya ga dama, ba waɗanda mai karɓa ya nuna masa ba. Ya tsaya wurin wani dattijo mai sayar da hatsi, suka gaisa.

"Baba, ko rasit ɗinka na wannan watan yana kusa?"

"Yana nan, Malam. Rumfa biyu gare ni, dubu huɗu na biya, ya haɗa mini a takarda ɗaya."

Rasit ɗin lamba 3229 ne, kuma 4,000 ke rubuce a jikinsa. Kwafin 3229 da ke cikin littafi kuwa 2,000 yake nunawa. Yadda ake yin wannan ba wuya: a zare takardar kabon a rubuta asali shi kaɗai, daga baya a mayar da kabon a cike kwafin da ƙaramin adadi. Wani lokaci ana ganewa tun daga littafi, idan rubutun kwafi ya kauce wa layi, ko an rubuta shi da biro kai tsaye. Amma tabbaci sai an ɗora asali a kan kwafi. A rumfa ta gaba kuma sai ga wata mai sayar da kayan miya ta fito da asalin 3217, wanda aka ce an soke, da 2,000 a kansa.

Da a ce mutanen nan biyu sun naɗe gyaɗa da rasit ɗinsu sun yar, da wannan naira 4,000 ta tafi ba wanda ya sani. Ni dai ina roƙon duk mai rumfa ya sami leda ɗaya ya riƙa tara rasit ɗinsa na shekara.

Tela da takardar banki

Idan mai karɓa ya kai kuɗi banki, yakan cike takardar zuba kuɗi, wadda aka fi sani da tela, banki ya buga mata hatimi. Sai ya kai ta wurin kashiya a ofishin ma'aji, a duba littafinsa, a ba shi rasit na baitulmali. Mutuminmu ya gabatar da tela biyu: ta ranar Juma'a 7 ga wata, naira 50,000, da ta Juma'a 14 ga wata, naira 40,000. Jimilla 90,000. A takarda komai ya cika, kuma kashiya ya ba shi rasit a kan haka.

Tela ta ratsa ta hannun mai karɓa kafin ta iso ofis, saboda haka odita ba ya dogara da ita. Ya nemi takardar bayanin asusun kuɗin shiga ta wannan wata, kuma ya fi so ta zo daga banki kai tsaye. A layin 7 ga wata ya ga 50,000 ta shiga. A layin 14 ga wata ya ga 10,000. Ya duba sauran ranakun har ƙarshen wata da farkon na gaba, babu wata 30,000 da sunan wannan mai karɓa. Da ya ɗaga telar ya kalle ta da kyau, sai ya ga an mayar da 1 ta koma 4 da biron da ya ɗan fi duhu, kuma wurin da ake rubuta adadi da kalmomi an kankare. Banki yana riƙe da nasa kwafin, shi zai raba gardama.

Ba kowane saɓani ne sata ba, kuma zalunci ne a ɓata sunan ma'aikaci kafin a bincika. Kuɗin da aka zuba da yammacin ranar ƙarshe ta wata suna iya fitowa a takardar wata mai zuwa. Banki yakan cire cajinsa. Wani lokaci ma'aikacin banki ya zuba kuɗi a wani asusun na hukumar bisa kuskure. Duk waɗannan suna bayyana idan aka yi lissafin daidaita littafin ma'aji da takardar banki, wanda ya kamata a yi kowane wata. Abin da ya bambanta lamarinmu shi ne kankarar da ke jikin tela.

Kwanan wata ma abin dubawa ne. Idan kuɗin da aka karɓa ranar 4 ba su shiga banki ba sai 25, kuma kullum haka, to mai yiwuwa ana juya su ne, ana cike gurbin makon jiya da kuɗin wannan makon. Jimilla za ta yi daidai, ranaku ne za su tona.

Yanzu mu tara abin da aka gano. Giɓin banki 30,000. Rasit 3229, 2,000. Rasit 3217, 2,000. Gaba ɗaya naira 34,000. Odita zai rubuta takardar neman ba'asi ga mai karɓa, da lambobin rasit da ranakun tela, ya ba shi wa'adin amsa. Kashiya ma zai amsa tambaya, domin ya ba da rasit na baitulmali ba tare da ya tabbatar da shigar kuɗin ba. Idan amsa ba ta gamsar ba, maganar ta shiga rahoto, kuma ana iya tilasta wa ma'aikaci ya biya abin da ya ɓata, ban da sauran hukunci.

Inda wannan hanya take tsayawa

Bin sawun rasit yana kama kuɗin da aka rubuta ne kawai. Wanda ya karɓi kuɗi bai ba da rasit ba, ko ya bugo littafin jabu ya yi aiki da shi, ba zai fito a rajista ba. Maganin wannan shi ne ƙirga rumfuna. Idan kasuwar tana da rumfa 60 masu mutane, kuɗin wata ya kamata ya kai 120,000. Mun gano rumfa 47 da suka biya. Sauran 13 sai a je a tambaye su: bashi ake bin su, ko sun biya? In sun biya, a ga takardar da aka ba su, a duba ko lambarta tana cikin rajistar ma'aji.

Aikin gwaji

An ba wa mai karɓa a tashar mota tikiti 100 na naira 300 kowanne. Ya dawo da 20 da bai sayar ba. Telarsa ta nuna 24,000, takardar banki ta nuna 21,000 a wannan rana. Nawa ya kamata ya zuba? Nawa ne giɓin? Rubuta abu biyu da za ka bincika kafin ka rubuta masa takardar neman ba'asi. A darasi na gaba kowa ya zo da tsohon rasit ɗaya daga gida, za mu karanta lambarsa da kwanan watansa da hatiminsa tare.