Shawarar ma'aji ga 'yan ƙungiya kan saƙon tunin biyan bashi

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana manoma na ƙungiyarmu a Dukku.

Kamar yadda aka amince a taro, daga wannan wata duk wanda ya ci bashin taki zai riƙa samun saƙon tuni a waya kwana uku kafin ranar biya.

Ina roƙon a lura cewa saƙon yana fita ne daga abin da na riga na shigar a lissafi, kuma ina shigarwa ne ranar Juma'a kaɗai. Misali, wanda ake binsa ₦10,000 ranar Asabar, idan ya biya ranar Talata, zai ga tuni ranar Laraba duk da cewa ya biya. Kada hankalinsa ya tashi, ya riƙe rasidinsa kawai. Idan kuwa tunin ya sake zuwa bayan Juma'a, to kuskure ne daga wajena, sai ya kawo mini rasidin.

Saƙonmu ba ya tambayar lambar sirri ko BVN, ba ya kuma ba da sabon asusu, domin haka wanda ya ga irin wannan ya kira ni kafin ya tura ko sisi. Waɗanda suka canza layi, musamman iyayenmu mata masu amfani da wayar 'ya'yansu, a sanar da ni kafin ƙarshen wata.

Wassalam, naku ma'aji.