Yadda ake rage rubutun minti 15 ya koma minti 7

Da farko, karanta rubutun da murya kana duba agogo. In kana furta kalma 140 a minti, minti 7 zai ɗauki kalma 980, ke nan fiye da rabin kalmomi 2,100 na minti 15 sai sun tafi.

Rubuta hujjarka a jimla ɗaya. Duk sakin layin da bai tallafe ta ba, cire shi ɗungurungum. Tsintar kalma ɗaiɗai ba za ta kai ka ba.

Cikin misalanka zaɓi wanda shi kaɗai ya isa ya gamsar. Ba shi kamar minti 2, kada ka rage masa bayani, don misalin da aka tatse ba ya kama zuciya.

Sannan gyara mahaɗai: "kamar yadda muka faɗa" na iya nuni ga abin da ka goge. Sake karantawa, ka tsaya a minti 6 da rabi, saboda numfashi.