Takarda ta cika, amma ina aikin?

Na gaji da duba takardun jarrabawar ɗaliban akanta a nan Jos ina cin karo da jimla ɗaya: "Rage haraji halal ne, zambar haraji laifi ce." Daga nan sai su ajiye biro, alhali ba su taɓa inda gizo ke saƙar ba.

Abin kashi uku ne, ba biyu ba, kuma biyun da suke ambata masu sauƙi ne. Ma'aikacin da ya zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa a asusun fansho, aka cire kafin a lissafa haraji, ya bi ƙofar da doka ta buɗe da kanta. Ɗan kasuwar Taminus da ya sayar da kayan miliyan 50 ya rubuta 30 kuwa, ƙarya ya yi, kuma zamba ke nan.

Na ukun, wato dabarar da ta wuce gona da iri, shi ya taɓa ƙona ni. A 2021 wani Alhaji da nake riƙe wa littattafai yana biyan kashi 30 cikin 100 na ribar kamfaninsa. A lokacin kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba ba ya biyan wannan harajin. Sai na ce: "Ranka ya daɗe, a buɗe wa Hajiya kamfani, mu riƙa biyanta miliyan 20 kuɗin ba da shawara." Miliyan 6 ta tsira, ina ta jin kaina gwani. Yarjejeniya akwai, rasit akwai, ba mu ɓoye komai ba. Mai binciken haraji ya zo ya yi tambaya ɗaya tak: "Wace shawara ta bayar? Ina rahoton?" Babu ma'aikaci, babu ofis, babu ko shafi guda. Ya ɗauko sashe na 22 na dokar harajin kamfanoni ta lokacin, mai ba hukuma ikon yin watsi da cinikin bogi, ya mayar da miliyan 20 ɗin cikin riba. Alhaji ya biya miliyan 6, da tarar kashi 10, da kuɗin ruwa, ni kuma ya sallame ni.

Tun ranar, tambayar da nake yi kafin in sa hannu ita ce: da babu haraji a duniya, mai hankali zai yi wannan cinikin, a wannan farashin? In amsar a'a ce, ba ruwana. Kuma ku lura, da na ƙirƙiri rahoton daga baya don rufe ɓaraka, da na tsallaka cikin zamba tsundum.

Ku kuma masu haddar shari'ar Westminster ta 1936, wadda ta ce kowa na da ikon tsara harkokinsa don rage haraji, kuna kawo ta kamar aya, haba! Kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokacin da kanta ta rage mata ƙarfi a shari'ar Ramsay ta 1981.

Wani ƙaramin jan hankali: kuskuren lissafi ba da gangan ba yana iya jawo tara, amma kada ku rubuta masa zamba sai kun nuna niyya.