Darasi na Tara: Wasiƙar Neman Rance Daga Banki Don Faɗaɗa Shago

Manajan banki yana karanta wasiƙun neman rance da yawa, kuma tambaya ɗaya ce a ransa yayin da yake karantawa: daga ina kuɗin biya za su riƙa fitowa kowane wata? Duk wasiƙar da ta amsa wannan tambaya da lissafi, za a tsaya a duba ta. Wadda ta cika da roƙo da kirari, ba lissafi a cikinta, ajiye ta ake yi a gefe. Saboda haka kafin mu ɗauki biro, sai mu fara buɗe littafin ciniki.

Ciniki daban, riba daban

Bari mu ɗauki misalin wani mai shagon kayan masarufi, mu kira shi Malam Wane. Alƙaluman da za mu kawo na koyo ne kawai, shi ya sa ba mu sa musu sunan kuɗin wata ƙasa ba. Kowa ya sa nasa.

A wata guda Malam Wane yana cinikin 900,000. Wannan shi ne duk abin da ya shiga aljihun tebur. Amma kayan da ya sayar, shi ma saro su ya yi a kan 720,000. Idan aka cire, saura 180,000. Daga nan zai biya hayar shago da kuɗin wuta da na yaron shago da na dakon kaya, duka 50,000. Saura 130,000, wato ribarsa ta gaskiya. Yana ɗaukar 40,000 don hidimar gida. Abin da ya rage masa a hannu 90,000 ne.

Wannan 90,000 ita ce ƙarfinsa. Da ita zai biya banki, ba da 900,000 ba. Nan ne masu shago da yawa suke tuntuɓe. Sai mutum ya ga kuɗi suna shiga suna fita duk yini, ya ɗauka nasa ne, alhali mafi yawansu na dila ne. Wanda ya riƙa biyan bashi daga uwar kuɗi, wata uku ba za su yi ba sai ka ga kantocinsa sun fara yin fili, domin ba ya iya mayar da kayan da ya sayar. Haka kuma kada ka lissafa bashin da kake bin mutane a cikin riba. Kuɗin da bai shigo hannu ba, ba ya biyan banki.

Nawa za a nema, kuma nawa za a biya?

Malam Wane yana son 600,000, kuma ya san inda kowane kashi zai tafi: firiji na 250,000, sababbin kantocin jera kaya na 50,000, ƙarin kayan sayarwa na 300,000. Gyaran ɗakin da ke jikin shagon kuwa, wanda zai ci 100,000, daga ajiyarsa zai yi. Yana da kyau a faɗi haka a wasiƙa, domin banki ya fi sakin jiki da wanda ya zuba nasa kuɗin a cikin aikin.

Yana son ya biya cikin wata 12. Idan aka raba 600,000 gida 12, kowane wata 50,000 ke nan na uwar bashi. Sai kuɗin ruwa. A ce banki ya ce kashi 2 cikin 100 a wata. To, a nan sai ka buɗe kunne, domin hanyoyin lissafin iri biyu ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne.

A hanya ta farko, ana lissafa ruwan a kan dukan 600,000 tun daga watan farko har na ƙarshe, ko da ka biya rabi. Ruwan kowane wata 12,000 ne. Za ka riƙa biyan 62,000, a shekara ruwan ya zama 144,000, jimlar abin da za ka mayar 744,000.

A hanya ta biyu, ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage maka kawai. Watan farko ruwan 12,000 ne. A wata na biyu saura 550,000 ake bin ka, ruwan ya koma 11,000. Haka zai yi ta raguwa da dubu ɗaya, har a wata na ƙarshe ya zama 1,000. Jimlar ruwan 78,000, abin da za ka mayar 678,000. Ka ga an sami bambancin 66,000, alhali duka biyun "kashi biyu" aka ce maka. Don haka kafin ka rubuta wasiƙa, je ka tambayi jami'in ba da rance: a kan duka kuke lissafawa, ko a kan abin da ya rage? Ka kuma tambayi kuɗin cike takardu da na inshora, domin sau da yawa ana cire su tun kafin rancen ya shiga asusunka, sai ka tarar abin da ya iso bai kai kuɗin firiji da kaya ba.

Wanda ba ya son mu'amala da ruwa, akwai bankunan da ba sa aiki da shi. A irin tsarinsu da ake kira murabaha, bankin ne zai sayi firijin ko kayan, ya sayar maka da ribar da kuka yi ittifaƙi a kanta, kai kuma ka biya kaɗan-kaɗan. Tsarin wasiƙar bai canza ba, sai dai maimakon ka nemi tsabar kuɗi, kayan za ka ambata da farashinsu.

Malam Wane ya yi lissafinsa da hanya mai tsada, wato 62,000. Idan ya cire ta daga 90,000, yana da rarar 28,000. Wannan rarar ita ce za ta rufa masa asiri a watan da kasuwa ta yi sanyi. Da a ce biyan wata ya kai 85,000, da shawarar da za mu ba shi ita ce ya rage yawan rancen ko ya nemi a tsawaita masa lokaci, ko da yake tsawaita lokaci yana ƙara yawan ruwa.

Ga wasiƙar

Adireshinka da kwanan wata suna zuwa sama, ta hannun dama. Na manaja yana ƙasa da su, ta hannun hagu. Sai gaisuwa, sai kan magana.

Shago mai lamba kaza,
Titi kaza, Gari kaza.
Kwanan wata.

Zuwa ga Manaja,
Banki kaza, Reshen kaza.

Ranka ya daɗe,

NEMAN RANCEN 600,000 DON FAƊAƊA SHAGO

Ni ne Wane, mai asusu mai lamba kaza a wannan reshe tun shekara huɗu da suka wuce. Ina da shagon sayar da kayan masarufi a adireshin da ke sama, kuma shekarata biyar ina gudanar da shi.

Ina neman rancen 600,000 domin faɗaɗa shagon. Zan sayi firiji na 250,000, da kantoci na 50,000, da ƙarin kaya na 300,000. Gyaran ɗakin da zan haɗa da shagon zai ci 100,000, kuma ni zan biya daga ajiyata.

A halin yanzu ina cinikin kimanin 900,000 a wata. Bayan cire kuɗin sari da haya da sauran hidimomin shago da na gida, 90,000 ke rage mini. Ina sa ran ciniki zai kai 1,200,000 bayan faɗaɗawa, amma tsarin biyana ya dogara ne a kan ribar da nake samu yanzu.

Ina son in biya cikin wata 12. Zan riƙa biyan 50,000 na uwar bashi tare da abin da banki ya ɗora, wanda bisa bayanin jami'inku ba zai wuce 12,000 a wata ba. Na amince a riƙa cire kuɗin daga asusuna ranar 28 ga kowane wata, daga watan da ke bin wanda aka ba ni rancen.

Na gabatar da firijin da kayan shagon a matsayin jingina. Akwai kuma mutum biyu da suka yarda su tsaya mini, takardunsu suna haɗe da wannan wasiƙa. Ba wani banki ko ƙungiya da ke bi na bashi. A shirye nake jami'anku su zo su ga shagon da littafin ciniki a duk ranar da suka so.

Na gode.

Naku,
Sa hannu
Cikakken suna da lambar waya

Ka lura da jimlar da ya ce tsarin biyansa ya dogara a kan ribar yanzu. A ganina ita ce ta fi kowace nauyi a wasiƙar. Kowa yana iya cewa ciniki zai bunƙasa, manaja kuwa ya sha jin haka. Abin da yake iya aunawa shi ne abin da ke hannu. Ranar biya ma ba da ka ake zaɓenta ba: duba littafinka, ka ga lokacin da kuɗi suka fi taruwa, kada ta faɗo a makon da kake biyan dila.

Abin da ake haɗawa da wasiƙa

Kowane banki da nasa sharuɗɗan, kuma galibi za a ba ka fom ka cike bayan wasiƙar. Amma akan nemi katin shaida, da bayanin shige da ficen asusunka na wata shida ko fiye, da rasit na hayar shago, da takardar rajistar kasuwanci idan kana da ita, da takardar farashi daga wurin mai sayar da firijin.

Bayanin asusun nan shi ke tona asiri. Idan ka rubuta cewa kana cinikin 900,000, amma asusunka ya nuna 150,000 kawai ke shiga a wata, manaja zai yarda da takardarsa, ba da taka ba. Wataƙila gaskiya ka faɗa, kawai dai kana zuwa sari da kuɗin kai tsaye ba tare da sun bi ta banki ba. Maganin wannan shi ne ka fara zuba cinikinka a asusu watanni kafin ka nemi rance, ka kuma riƙa biyan dila ta can.

Idan bankin yana son wasiƙa da wani harshe, fara rubuta ta da Hausa, sannan a juya maka. Sa a karanta maka kowane adadi kafin ka sa hannu. Yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, ka roƙi a buga maka hatimin karɓa a ɗayan, ka adana. Idan aka amince, za a ba ka takardar tayin rance. Gwada alƙalumanta da naka, ka duba tarar jinkirin biya, sannan ka tabbata masu tsaya maka sun san cewa idan ka gaza, su za a bi.

Aikin yi

1. Wata mai shago tana cinikin 500,000 a wata. Sari yana cin 400,000, hidimar shago 30,000, ta gida 30,000. Nawa ke rage mata?

2. Tana son rancen 240,000 na wata 12, ruwan kashi 2 cikin 100 a wata a kan dukan kuɗin. Nawa za ta riƙa biya kowane wata, kuma nawa ce rararta?

3. Rubuta wasiƙarta a littafinka, ka karanta wa na kusa da kai. Shi kuma ya zama manaja, ya yi maka tambaya uku a kan lissafin.