Yadda za ka auna faɗin gona mai karkatacciyar iyaka

Gonakin kewayen Zinder ba kasafai suke miƙewa ba, shi ya sa lissafin "tsawo sau faɗi" kan gonar gaba ɗaya yakan yaudari mutum.

Ka tanadi turaku da igiya mai alamar mita. Fara da zana siffar gonar a takarda, ka kafa turke a kowace kusurwa.

Daga nan fitar da murabba'i mai dari, wato fili mai tsawo da faɗi da daidaitattun kusurwoyi huɗu, mafi girma da zai shiga ciki. Kada ka amince da ido wajen kusurwa. Auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan. In tsakaninsu ya ba da mita 5, kusurwar ta daidaita. In bai kai ba, ta matse.

A ce ka samu tsawo 80, faɗi 50. Ninka su: murabba'in mita 4000.

Abin da ya rage a gefuna ka yanka shi alwatika-alwatika. Kowace ɗaya, ninka gindi da tsayi, ka raba biyu. Nan ake yawan kuskure: tsayi ba karkataccen gefen nan ba ne, layi ne da ya sauko daga ƙololuwa ya faɗi tsaye cak kan gindi. Wanda ya auna karkataccen, gonarsa ta ƙaru a takarda kawai. Gindi 50, tsayi 20, ya ba da 500. Gindi 80, tsayi 15, ya ba da 600.

Haɗa duka: 5100. Hekta ɗaya murabba'in mita 10000 ce, ka ga gonar ta ɗan haura rabin hekta.