Darasi: Yadda ake rubuta kg, km da ml

Ku ɗauki buhun siminti ko na takin zamani ku duba jikinsa, za ku ga an rubuta 50 kg. A baki cewa muke "kilo hamsin", awo ya riga lamba. Idan da kalmomi za ku rubuta, haka za ku bar shi: kilo 50, lita 20, kilomita 12. Amma idan da alama ce, lamba ke shiga gaba: 50 kg, 20 L, 12 km.

Waɗannan alamomi na tsarin awo ne da ƙasashen duniya suka amince da shi a 1960, wanda ake kira SI. Bahaushe da Bafaranshe da Bajamushe duk iri ɗaya suke rubuta su, kamar yadda 5 take 5 a wurin kowa. Saboda haka ba a yi musu ƙari, ba a yi musu ado.

Babban baƙi da ƙarami

Yawancinsu da ƙaramin baƙi ake rubutawa: m mita, g giram, kg kilo, km kilomita, cm santimita. Ko a farkon jimla ne, ko a allon shago da aka cika da manyan baƙaƙe, kg tana nan a kg. Kg da KG da ake yawan gani a rasit duk kuskure ne.

Babban baƙi na awon da aka sa wa sunan mutum ne. W ta jikin ƙwan fitila, kamar 9 W, daga sunan James Watt aka samo ta. V ta batirin mota, 12 V, daga sunan Alessandro Volta.

Inda abin yake da haɗari shi ne baƙin m idan ya zo a gaban wata alama. Ƙaramar m na nufin kashi ɗaya cikin dubu, babbar M kuma sau miliyan. Ƙwayar farasitamol 500 mg ce, wato rabin giram. Mg ɗaya tak kuwa kilo dubu ne, buhun siminti ashirin ke nan. Idan kuka rubuta Mg a maimakon mg, mai harhaɗa magani zai gane abin da kuke nufi, amma mai sayen magani da mai jinya bai kamata su dogara da "zai gane" ba.

Lita an ba ta zaɓi. Tun 1979 aka yarda a rubuta l ko L, domin ƙaramar l tana kama da lamba 1. Don haka ml da mL, wato kashi ɗaya cikin dubu na lita, duk daidai ne. Shawarata, idan lita ce ita kaɗai, ku riƙa sa babbar L.

Jam'i

Alama ba ta da jam'i. 1 kg ne, 100 kg ne. Masu rubuta kgs da kms sun aro s ɗin Turanci ne, ita kuwa s alamar sakan ce a wannan tsari. Wanda ya rubuta 10 ms da nufin mita goma, lokaci ya rubuta, kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Ba a kuma sa wa alama aya, sai idan ita ce ƙarshen jimla.

Tazara

A bar sarari ɗaya tsakanin lamba da alama, amma kada a raba baƙaƙen alamar: 50 kg, ba 50kg ba, ba kuma 50 k g ba. Zafin jiki ma haka ne, 37 °C.

Mu ɗauka mai shago ya rubuta wa yaronsa sautun kasuwa da hannu:

Man gyaɗa 25l
Sukari 2 Kgs.
Maganin tari .5 l

A layin farko l ta manne da lamba, yaro yana iya karanta 251. A na biyu kurakurai uku ne: babbar K, da s, da aya. Na uku ya fi muni, domin idan ɗigon ya goge, rabin lita ta koma lita biyar. Shi ya sa kullum ake sa sifili kafin ɗigo. Ga gyaran:

Man gyaɗa 25 L
Sukari 2 kg
Maganin tari 0.5 L

Na ƙarshen za a iya rubuta shi 500 ml, ya ma fi sauƙin karantawa. Wanda ke sayayya a Maraɗi ko Damagaram zai ga 0,5 L da waƙafi, don haka ake rubutawa a Nijar. Ma'anar ɗaya ce.

Aikin gida

Ku gyara waɗannan a littafinku: 10KG, 7 kms, 250 MG, 5ml., .75 l. Sannan kowa ya zo aji da kwalin magani ko ledar fiya wata, ya kwafe awon da ke jiki, ya faɗa mana ko kamfanin ya bi ƙa'ida.